Dokar Hana Haihuwa ta Virginia ta 1924: Abin da Ta Ce da Abin da Ake Jingina Mata

Masu yaɗa cewa an taɓa hana mutane haihuwa a Amurka ta hanyar allurar rigakafi suna yawan kafa hujja da wannan doka. Dokar gaskiya ce, muguwa ce kuma, amma babu allura a cikinta, ba kuma a ɓoye aka yi ta ba. Majalisar jihar Virginia ce ta zartar da ita a Maris 1924, lokacin da wasu masana ke koyar da cewa talauci da raunin ƙwaƙwalwa a jini suke. A watan ne kuma jihar ta tsaurara haramcin aure tsakanin farar fata da sauran jinsi.

Ta shafi waɗanda ke tsare a cibiyoyin gwamnati ne, masu taɓin hankali, farfaɗiya ko abin da aka kira raunin ƙwaƙwalwa na gado. Tiyata ake yi: a yanke wa mace bututun ƙwai, namiji kuma jijiyar da maniyyi ke bi. Dokar ta hana dandaƙa.

Sashen da ya fi ruɗar mutane shi ne na kare haƙƙi, domin a takarda babu abin kushewa. Shugaban cibiya zai kai buƙata gaban hukumar gudanarwa, a sanar da mutumin da waliyyinsa kwana 30 kafin zama, a saurare shi, yana kuma iya ɗaukaka ƙara. Sai dai mai neman tiyatar da masu amincewa da ita duk 'yan gida ɗaya ne, kuma ba a ɗauki yardar mai jikin a matsayin sharaɗi ba.

Shari'ar Carrie Buck ta tona wannan. Tana da shekara 17 ta ɗauki ciki bayan wani ɗan'uwan mariƙanta ya yi mata fyaɗe, sai aka kai ta cibiyar da mahaifiyarta take, kusa da Lynchburg. Lauyan da aka ba ta, Irving Whitehead, tsohon ɗan hukumar cibiyar ne, bai gabatar da shaida ko ɗaya ba. A Mayu 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta amince da dokar, alƙalai 8 da 1, aka yi mata tiyatar a Oktoba. 'Yarta Vivian, wadda aka yi wa tambarin dolanci tun tana jaririya, daga baya ta shiga sahun ɗaliban da aka yaba wa a makaranta.

Inda rigakafi ya shigo wuri ɗaya ne: Mai shari'a Oliver Wendell Holmes, wanda ya rubuta hukuncin Kotun Ƙolin, ya ce ikon da ya bai wa gwamnati damar tilasta rigakafi ya isa ya halatta wannan tiyata. Kwatance ne gurgu, domin allura tana kare mai ita, wannan kuwa raba mutum da zuri'a ne har abada.

Sama da mutum 60,000 aka yi wa haka a faɗin Amurka, a ƙarƙashin dokoki irin wannan na jihohi daban-daban. Virginia ta soke dokar a 1974, ta nemi afuwa a 2002, amma Kotun Ƙoli ba ta taɓa warware hukuncin 1927 kai tsaye ba.