Don Allah Ku Daina Jan Kusurwar Hoto Kuna Cewa Kun Rage Shi

'Yan'uwa sakatarorin ƙungiyoyi da masu ƙananan sana'o'i, da ku matasan da ake ba aikin tura saƙonnin imel saboda an ce kun iya kwamfuta, sannunku da ƙoƙari. Aikina shi ne zagayawa wurin ƙungiyoyi a cikin garin Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Kawo da Rigasa, ina koyar da yadda ake amfani da kwamfuta wajen kasuwanci. Akwai wani kuka da na gaji da ji, kuma kusan kullum kalmominsa ɗaya ne: "Malam, a wayata fa lafiya lau ya fito." Na yarda, a wayarki lafiya lau ya fito. To amma ai ba ke kika tura wa saƙon ba.

Kwanakin baya wata yarinya, sakatariyar wata ƙungiyar mata masu sarrafa citta, ta zo mini da laftof ɗinta ranta a ɓace. Sun ɗauki hoton kayansu, buhunan busasshiyar citta da robobin garinta a jere a kan tabarma, an rubuta farashi da lambar waya a ƙasan hoton ta ɓangaren dama, sun tura wa masu saye. Wani mai saye ya ɗauko hoton fuskar kwamfutarsa ya aiko musu. Na duba, babu abin da ake gani sai kwanon rufi da reshen darbejiya. Citta ba ta fito ba, balle lambar waya. Har rubutun da ke ƙarƙashin hoton ya miƙe ya zama dogon layi ɗaya, sai mutum ya yi ta jan shafin gefe kafin ya kai ƙarshen jimla.

Na ce, "Ƙanwata, kin rage hoton nan kafin ki saka shi?"

Ta ce, "Wallahi Malam na rage. Da hannuna na kama kusurwarsa na jawo shi har ya yi daidai."

To nan gizo ke saƙar. Jan kusurwa da linzami ba ya rage hoto. Na faɗa a aji, na faɗa a taro, zan sake faɗa a nan: ba ya rage hoto! Tamkar ka ninke babbar riga ka cusa a jaka ne, rigar tana nan da girmanta, duk wanda ya zazzage jakar zai gan ta yadda take.

Muka buɗe fayil ɗin muka duba. A Windows, danna hoton da maɓallin dama, ka zaɓi `Properties`, ka shiga `Details`, za ka ga `Dimensions`. Nata ya nuna 4000 x 3000. Wato faɗinsa fiksel dubu huɗu, ƙananan ɗigon nan da ke haɗuwa su zama hoto, yadda kyamarar wayar ta ɗauko shi. Saƙon imel kuwa an saba gina shi a faɗin fiksel 600. Laftof da yawa da muke amfani da su faɗin fuskarsu duka-duka 1366 ne. Ku lissafa da kanku: ko da saƙon ya cika fuskar kwamfutar baki ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoton kaɗai mutumin zai gani, daga kusurwar hagu ta sama. Kwanon rufi da darbejiya ke nan.

Da muka leƙa cikin HTML na saƙon, wato rubutun umarnin da ke bayansa wanda ke faɗa wa manhaja yadda za ta nuna shi, ga abin da manhajar tsara saƙon ta rubuta lokacin da ta ja kusurwar:

```html
<img src="citta.jpg" style="max-width:600px;">
```

Wannan `max-width` umarni ne na CSS, wato yaren tsara kamanni da ake rubutawa a cikin `style`, yana cewa kada hoton ya wuce 600. Gmail yana jin wannan umarni, manhajar imel ta iPhone ma tana ji, shi ya sa a wayarta komai ya zauna daram. Amma Outlook na kwamfuta mai Windows, wanda aka saba da shi a ofisoshi, tun daga na shekarar 2007 da injin Microsoft Word yake nuna saƙonni, ba da irin injin burauza ba. Shi kuwa Word bai san `max-width` a kan hoto ba. Sai ya tsallake shi, ya nemi wani abin da zai faɗa masa faɗin, bai samu ba, ya shimfiɗa hoton da ainihin girmansa. Hoton ya ture bangon teburin da yake ciki, wato akwatin da ke riƙe da tsarin saƙon, rubutu ya bi shi.

Wani zai ce, wa ke amfani da Outlook yanzu? Su wa kuke tura wa saƙon? Ba kamfanoni da ofisoshi da masu ba da tallafi ba? Ai su ne masu zama gaban kwamfutar ofis. Outlook na waya da na burauza da sabon nan da ake kira `new Outlook` ba su da wannan hali, amma kai daga shagonka ba ka da hanyar sanin wanne mutum zai buɗe. Mutumin da kuka fi so ya ga kayanku, shi ne aka fi zaton zai ga kwanon rufi.

Gyaran ba shi da wuya, shi ya sa abin ke ba ni haushi. Minti biyar bai cika ba muka gama.

Da farko muka rage fayil ɗin kansa, ragi na gaskiya. Muka buɗe shi a Paint, muka danna `Resize`, muka zaɓi `Pixels`, muka rubuta 1200 a gurbin `Horizontal`, muka bar `Maintain aspect ratio` a kunne, tsawon ya koma 900 da kansa. Muka adana da sabon suna don kada a ɓata na asali. Ta tambaye ni me ya sa 1200 tunda 600 muke so, kuma na ji daɗin tambayar. Fuskokin wayoyin yanzu suna da ƙananan ɗigo masu yawa, hoton da aka yanka daidai 600 yakan fito dishi-dishi a kansu, musamman idan akwai rubutu a jikinsa. Shi ya sa ake ninka shi biyu. Sai dai ku lura, da zarar kun ninka, fayil ɗin ya fi gurbinsa girma ke nan, don haka mataki na biyu ya zama dole. Wanda ya rage zuwa 1200 ya tsaya nan, Outlook zai nuna masa 1200 cur.

Mataki na biyu shi ne a rubuta faɗin a jikin `img` ɗin kansa, a wurin da Word yake dubawa:

```html
<img src="citta.jpg" width="600" alt="Busasshiyar citta da garinta"
  style="display:block; width:100%; max-width:600px; height:auto;">
```

Ku dube shi da kyau, magana biyu ake yi da mutum biyu. Wannan `width="600"` na Outlook ne, shi yake karantawa ya tsayar da hoton a 600. Abin da ke cikin `style` kuma na Gmail ne da wayoyi: hoton ya cika faɗin wurin da ya samu, amma kada ya haura 600. A wayar da faɗinta bai kai haka ba, sai ya tsuke ya shiga. Kowa ya ɗauki nasa ya bar na ɗan'uwansa. Idan ka cire na farko, ka koma gidan jiya. Idan ka cire na biyu, mai ƙaramar waya ne zai iya shan wahala.

Lamba tsura ake sawa a cikin `width`. Ba `600px` ba, domin ƙa'idar HTML a wannan gurbi ba ta son a liƙa mata komai. Ba kuma `100%` ba, shi wannan wurinsa cikin `style` ne. Na sha ganin yara masu ƙoƙari sun ɓata aiki mai kyau a kan harufa biyun nan na `px`.

Sai maganar tsawo, wadda ita ce ke mayar da fuskar shugabar ƙungiya kamar an ja ta da igiya. Hoton nan namu idan faɗinsa 600 ne, tsawonsa 450 ne. Kana iya rubuta `height="450"`, kuma yana da amfani, domin Outlook yakan toshe hotuna har sai mai karatu ya ba da izini, to tsawon zai riƙe wa hoton gurbinsa. Amma ka ɗauka saƙon ya sauka a wayar da faɗinta 360. Faɗin hoton ya tsuke zuwa 360, ya kamata tsawon ya sauko zuwa 270. Idan babu `height:auto` a cikin `style`, tsawon zai tsaya ƙyam a 450, robar garin citta ta koma kamar kwalbar lemo. Don haka ko ka sa `height` ko ba ka sa ba, `height:auto` kada ya ɓace. Kuma idan ka sa, ka yi lissafin daidai, kada ka yi cinta. Outlook abin da ka rubuta zai bi, ko da ya karkace.

Wani abu da na ga yana kama har waɗanda suka ɗan ƙware: 600 ɗin nan ba tsafi ba ne, faɗin gurbin ne ake nufi. Saƙon 'yar'uwar tamu akwai ɗan fili na fiksel 20 a dama da hagu, don kada rubutu ya manne da gefe. Ashe gurbin hoton 560 ne, ba 600 ba. Da muka bar 600, da ya ture teburin zuwa 640, saƙon ya ɗan gurɗe. Muka mayar da lambobin biyu 560. Daga baya ta so ta jera hotuna biyu gefe da gefe: cire 20 na tsakani daga 560, saura 540, kowanne ya samu 270. Kowane hoto da nasa `width`, har tambarin ƙungiya da ke can sama. Tambarin nan ma shi aka fi mantawa, ga shi sau da yawa mai zane yakan ba da shi da girman da za a buga a allon talla.

Ina roƙonku, don girman Allah, ku daina gwaji a wayarku kaɗai. Ka tura wa kanka, ka buɗe a Gmail, ka ga ya yi kyau, ka watsa wa mutum ɗari biyu. Me ka gwada? Manhajar da dama ba ta da matsalar ka gwada. Ba a rasa ɗan'uwa ko maƙwabci mai aikin ofis da ke da Outlook a kwamfutarsa. Tura masa, ka ce ya ɗauko maka hoton abin da ya gani.

Lokaci ya ƙure mini, ga su a gurguje kafin ku danna `Send`:

- duba `Dimensions` na kowane hoto
- rage fayil ɗin zuwa ninki biyu na gurbinsa
- `width` da lamba tsura a jikin kowane `img`
- `max-width` da `height:auto` a cikin `style`
- gwaji a waya da kuma Outlook na kwamfuta

Waɗanda manhajarsu ba ta barin a taɓa HTML ɗin sam, ku manta da zancen ninki biyu. Ku rage fayil ɗin zuwa daidai faɗin gurbin, 600 ko 560, ku saka shi haka ba tare da kun taɓa kusurwarsa ba. Zai ɗan rage kaifi a manyan wayoyi, don haka farashi da lambar waya ku rubuta su a matsayin rubutu a ƙarƙashin hoton, kada ku bar su a jikinsa.