Waiwaye: daga jerin adireshin IP zuwa jadawalin ATT&CK, yadda karatun rahoton fishin ya sauya

Duk wanda ya taɓa karanta rahoton harin fishin, wato yaudarar mutum da saƙon bogi don a sace bayanansa ko a kutsa masa, na shekarun baya ya san kamarsa, shafi biyu na labari, sai a ƙarshe a zubo maka adireshin IP guda ashirin, sunayen domen, da hash, wato lambar shaidar kowane fayil, na fayilolin da aka kama, a ce ka toshe. Ka toshe ɗin, bayan kwana uku mutanen nan sun sayi sabon domen sun dawo da saƙo iri ɗaya sak, kai kuma kana can kana gadin ƙofar da ɓarawo ya riga ya bari.

A 2011 ne ma'aikatan kamfanin Lockheed Martin suka fito da Cyber Kill Chain, suka raba hari gida 7 tun daga leƙen asiri har zuwa cika buri. Ya taimaka, amma ga mai riƙe da rahoton fishin matakan sun yi faɗi da yawa, saƙon imel ɗin ya faɗa a matakin isarwa shi ke nan, duk abin da maharin ya yi bayan ya shiga an cusa shi a matakan ƙarshe. Sai a 2013 David Bianco ya zana dalarsa ta Pyramid of Pain, inda ya nuna canza hash ko IP ba ya ci wa mahari komai, abin da ke masa ciwo shi ne ka gane salon aikinsa, don hali zanen dutse ne. A wannan shekarar dai ƙungiyar bincike ta Amurka MITRE ta fara haɗa ATT&CK a cikin gida, wato jadawalin dabarun da mahara ke amfani da su, ta sake shi ga jama'a a 2015.

Tsarin jadawalin ba wuya. Kowane ginshiƙi manufa ce, wato me maharin yake so a wannan lokacin, samun shiga ne, satar kalmar sirri ne, ɓoye sawu ne. Akwatunan da ke ƙarƙashi kuma hanyoyin da yake bi ne, kowacce da lambarta. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne na farkon ma bai da ginshiƙin samun shiga, hankalinsa na kan abin da ke faruwa a kwamfutar Windows bayan an riga an kutsa, sai a 2018 aka ƙara Initial Access, fishin ya samu gurbi: T1193 na fayil da aka maƙala, T1192 na linki, T1194 na saƙo ta wata kafa kamar soshiyal midiya. A Yulin 2020 aka tattara su ƙarƙashin T1566 suka koma T1566.001, T1566.002 da T1566.003, a 2023 aka ƙara T1566.004 na kiran waya. Saboda haka in ka ga T1193 a tsohon rahoto ba kuskure ba ne, tsohuwar lamba ce, amma in ka haɗa rahotannin 2019 da na 2022 a fayil ɗaya ba ka daidaita su ba za ka ƙirga abu ɗaya sau biyu, kuma wannan na faruwa fiye da yadda ake zato.

To bari mu ɗauki rahoto na gaske. A Yulin 2022 Microsoft ta wallafa bayanin wani kamfen da ta ce ya nufi ƙungiyoyi sama da 10,000 tun Satumbar 2021. Imel ke zuwa wai kana da saƙon murya, da fayil na HTML a maƙale. Ka buɗe, burauza ta nuna kamar ana sauke sautin, sai ta wuce da kai shafin shiga na Office. Shafin nan fa ba hoton bogi ba ne kawai, sabar maharin ce zaune a tsakiya tana miƙa abin da ka rubuta ga Microsoft na gaske tana dawo maka da amsa, har lambar tabbatarwa ta biyu ka saka ta wuce lafiya, shi kuma ya kwashe kukin zaman, wato ɗan bayanin da ke shaida wa saba cewa ka riga ka shiga.

Yadda nake yi, ina bin rahoton jimla-jimla ina ja layi a ƙarƙashin duk aikin da maharin ya aikata, in tambayi me yake nema da shi, sannan in nemo akwati. In ka fara da neman lamba kafin manufa nan ake ɓata. An aiko fayil a imel, T1566.001. A nan ana ɗan gardama, don tun Oktobar 2020 akwai T1598, fishin na tatsar bayani, a ginshiƙin leƙen asiri, kuma wasu za su ce tunda ba a dasa wata muguwar manhaja ba, bayanan shiga kawai aka nema, can ya dace. Ni dai in na zaɓi ɗaya ina rubuta dalili a gefe, don wanda zai karanta bayana kar ya yi ta duba. Sabar da ke tsakiya T1557 ce, kwashe kuki T1539, amfani da kukin a shiga akwatin imel ba tare da an sake tambayar komai ba kuma T1550.004. Biyun ƙarshen nan ake yawan haɗewa, alhali a wurare daban ake ganin su: satar ta faru a sabar da ba taka ba, ba ka da rajistarta, amfani da kukin kuwa zai iya fitowa a rajistar shiga, zama ɗaya amma kwatsam daga wani IP da wata burauza.

Inda jadawalin ke biyan kuɗin wahalarsa shi ne bayan shiga. Rahoton ya ce wani lokacin cikin minti 5 da satar sun fara neman damfarar kuɗi, suna laluben wasiƙun da ake maganar biya da rasit, karanta akwatin daga nesa ke nan, T1114.002. Sai su amsa a cikin zaren da sunan mai akwatin, su kafa doka a akwatin imel ɗin cewa duk saƙon da ya zo daga domen wanda ake damfara a tura shi Archive a sa masa alamar an karanta. Wannan T1564.008 ce, dokar ɓoye wasiƙu, kada a rikita ta da T1114.003 wadda ke tura wasiƙu waje. Ita kanta satar kuɗin ba ta da akwati a lokacin, T1657 sai a 2023 ta shigo, shi ya sa duk taswirar da aka yi wa rahoton a kan jadawalin a 2022 za ta tsaya kafin inda maharin ya nufa.

Da ka jera su haka za ka ga canza kalmar sirri kaɗai ba ta rufe magana ba, tilas a soke zaman da ke buɗe, sannan a leƙa dokokin akwatin da wannan umarni a PowerShell na Exchange:

```
Get-InboxRule -Mailbox ma.aikaci | fl Name,MoveToFolder,MarkAsRead
```

In ka ga doka mai suna ɗigo ɗaya ko waƙafi tana kai wasiƙu Archive ko RSS Feeds, mai akwatin kuma ya ce bai san da ita ba, ka samu shaidar T1564.008.

Babbar cutar da na fi gani ita ce cika akwatuna don jadawali ya yi ja-wur a gaban oga. Mutum ya ga kalmar fishin sai ya ƙara PowerShell da makro, alhali a wannan harin babu inda aka ce an kunna su, sabo ne kawai da rahotannin zamanin fayil ɗin Word, kafin Microsoft ta fara toshe makro na fayilolin intanet a 2022. Jagorar da hukumar tsaron intanet ta Amurka CISA ta fitar a 2021 ta ja kunne a kan irin wannan tsalle, in bayanin da ke hannu bai kai ka ƙaramar lamba ba ka tsaya a T1566 kawai. Rahoton da ya ce "an samu shiga ta imel" bai faɗi fayil ne ko linki ba, ni T1566 nake sa masa, in rubuta tambayar a gefe, in aika a nemo min ainihin saƙon da kanunsa.