Ɗamewar saman ruwa da aikin sabulu

Ɗamewar saman ruwa hali ne da ruwa yake da shi na tattare samansa, har ya zama kamar an ja masa wata siririyar fata. Shi ya sa ɗigon ruwa ke dunƙulewa a kan ganyen gwaza, allura ke iya zama a kan ruwa idan aka aje ta a hankali, kuma wasu ƙwari ke yawo a saman kududdufi da damina ba su nutse ba. Sabulu yana rage wannan ɗamewa, yana kuma sauya yadda ruwa ke hulɗa da maiƙo. Waɗannan abubuwa biyu su ne tushen wanki da wanke-wanke.

## Dalili da ma'auni

Ƙwayoyin ruwa, wato ƙananan ɓangarorinsa da ido ba ya gani, suna jan juna da ƙarfi ta hanyar abin da ake kira haɗin haidurojin. Ƙwayar da ke tsakiyar ruwa ana jan ta ta kowane gefe, sai jan ya daidaita. Wadda ke sama ba ta da 'yan'uwa a kanta, iska ce kawai, don haka jan yana rinjaya zuwa ciki. Sakamakon shi ne ruwa kullum yana neman rage faɗin samansa, kuma siffar da ta fi ƙarancin faɗin sama ita ce kewayayyen dunƙule.

Ana auna ɗamewar da milinyuton, wani ƙaramin ma'aunin ƙarfi, a kowace mita. Ruwa mai tsabta a zafin digiri 20 yana da kusan 73, idan ya tafasa ya sauko zuwa kusan 59. Man girki yana wajajen 32, ruwan sabulu kuwa tsakanin 25 da 30. A nan ake ganin cewa tafasa ruwa ba ya rage ɗamewa ko da rabin abin da ɗan gutsuren sabulu ke ragewa.

## Tarihi

Mutane sun daɗe suna sabulu kafin su san dalilin aikinsa. Ana danganta shaida mafi daɗewa ga ƙasar Babila, wajajen shekara ta 2800 kafin haihuwar Annabi Isa, kodayake masana ba su haɗu a kan ko don wanka ake yin sa ba ko don wanke ulu. A ƙasar Hausa ga yadda ake yin sabulun salo: a tace ruwan toka, a dafa shi da mai har ya kama. Tokar tsirrai tana da fotashiyam da yawa, shi ya sa wannan sabulu ke fitowa da laushi, saɓanin sabulun sanda da ake yi da soda mai sodiyam.

Bayanin kimiyya ya biyo baya sannu a hankali. A 1718 James Jurin ya nuna cewa ruwa ya fi hawa sama a cikin bututun da ya fi siranta. Thomas Young a 1805 ya yi bayanin kusurwar da ɗigon ruwa ke yi da abin da ya zauna a kai, Pierre-Simon Laplace kuma ya fitar da lissafin a 1806. Michel Chevreul, a aikinsa da ya fito a 1823, ya gano cewa kitse da mai haɗi ne na giliserin da asid ɗin kitse, sabulu kuma gishirin wannan asid ɗin ne.

Babban ci gaba wajen awo ya fito daga wurin wanke-wanke. Agnes Pockels, wata mata a birnin Braunschweig na Jamus wadda ba ta samu shiga jami'a ba, ta lura da yadda maiƙo da sabulu ke sauya saman ruwan da take wanke kwanuka da shi. Ta haɗa wani faranti mai tsawo da shingen da ake turawa a saman ruwan, ta riƙa auna ɗamewar. Ta aika wa Lord Rayleigh, wani masanin kimiyya na Ingila, sakamakonta, shi kuma ya sa aka buga a mujallar Nature a 1891. A kan irin na'urarta Irving Langmuir ya gina aikinsa na 1917, wanda ya nuna cewa ƙwayoyin asid ɗin kitse suna tsayawa a jere a saman ruwa, layi ɗaya tak. James McBain kuwa tun 1913 ya kawo ra'ayin cewa ƙwayoyin sabulu suna taruwa dunƙule-dunƙule a cikin ruwa.

## Ƙirar ƙwayar sabulu

Ƙwayar sabulu tana da kai da wutsiya. Wutsiyar sarƙa ce ta kabon, yawanci guda 12 zuwa 18, halinta irin na mai, ba ta shiri da ruwa. Kan yana ɗauke da cajin lantarki kuma yana narkewa a ruwa. Da an zuba sabulu, ƙwayoyinsa suna rugawa saman ruwan, kai a ciki, wutsiya a waje, su raba tsakanin ƙwayoyin ruwan da ke jan juna. Idan saman ya cika, sauran sai su dunƙule a cikin ruwan, kimanin 50 zuwa 100 a kowane dunƙule, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje. Daga wannan matakin ƙarin sabulu ba ya ƙara rage ɗamewa, sai dai ya ƙara yawan dunƙulen.

## Yadda ruwa ke shiga tufa

Tufa cike take da ƙananan kafofi tsakanin zare da zare. Ko ruwa zai shiga waɗannan kafofi ko ba zai shiga ba ya dogara ne ga kusurwar da ɗigo ke yi da zaren. Idan ba ta kai digiri 90 ba, ɗigon yana bajewa, kafar kuma ta tsotse shi. Idan ta wuce 90, kafar tura shi waje take yi. Tsawon da ruwa zai hau a kafa shi ne:

h = 2γ cosθ / (ρ g r)

inda γ ita ce ɗamewa, θ kusurwa, ρ nauyin ruwa a kowace kubik mita, g jan ƙasa, r kuma rabin faɗin kafar.

A ɗauki kafa mai r na milimita 0.1. A farar auduga mai tsabta, wadda kusurwarta ke kusa da sifili, ruwa zalla zai hau kusan santimita 15. Idan aka sa sabulu ɗamewar ta sauko zuwa 30, santimita 6 kawai zai hau. Wato a tufa mai tsabta sabulu ba ya ƙara tsotso, rage shi ma yake yi, abin da bayanai da yawa kan tsallake.

Amfaninsa yana bayyana ne idan zaren ya sha maiƙo, kamar wuyan riga, bakin hula, ko zanin mai tuyar ƙosai. A kan abu mai kakin zuma ko kitse kusurwar tana iya kaiwa digiri 110, lissafin sai ya ba da kusan santimita 5 a ƙasa da sifili: ruwan ba zai shiga ba sai an danna shi. Da an sa sabulu, wutsiyoyinsa suna manne wa maiƙon, kawunansa suna fuskantar ruwa. Idan kusurwar ta sauko zuwa digiri 30, sakamakon ya juya ya zama hawan kusan santimita 5. Ana iya ganin haka da ido: a ɗiga ruwa a wuyan tsohuwar riga, ɗigon zai tsaya yana ƙyalli, a taɓa shi da tsinken da aka goga wa sabulu, nan take zai baje ya ɓace cikin yadin.

Ɗanyar auduga ma tana da nata kakin na halitta, don haka sabon saƙi ba ya shan ruwa sosai. Marina sukan wanke yadi kafin su tsoma shi a baba, in ba haka ba rinin ya fito dabbare-dabbare.

## Yadda maiƙo ke barin kwano

Ruwa zalla yana zamewa ne ta kan manja ya wuce, domin ƙwayoyin ruwa sun fi son junansu a kan mai. Sabulu yana jeruwa a iyakar mai da ruwa, ya rage ɗamewar wannan iyakar ƙwarai. Ruwan sai ya fara kutsawa ta gefen maiƙon, tsakaninsa da kwanon, shimfiɗar man ta tattare ta zama ɗigo. Gogawa da soso tana tsinke ɗigon ta farfasa shi. Kowane ɗan ɗigo yana samun rufin sabulu, kuma da yake kawunan duk caji ɗaya gare su, ɗigogin suna korar juna, ba sa sake haɗuwa. Wannan ne ke sa ruwan wanke-wanke ya yi fari kamar tsarkin nono. Wani kaso kaɗan na man yana shigewa cikin dunƙulen sabulu kai tsaye.

Duk wannan sai man yana ruwa-ruwa. Manja da man shanu suna narkewa wajajen digiri 35, kitsen sa da na rago sai an haura 40. Da sanyin safiyar hunturu, tukunyar miyar jiya tana da daskararren maiƙo wanda sabulu ba zai iya tattarewa ba komai yawansa, sai an zuba ruwan ɗumi. Kwanon roba ya fi na silba ko tangaran wuyar fita, saboda halin roba ya fi kusa da na mai, man yana manne mata da kyau.

Kumfa ba ita ke wankewa ba. Alama ce dai cewa akwai sauran sabulun da maiƙo bai cinye ba. Idan ta mutu a baho, man zai fara komawa jikin kwanukan.

## Ruwan da ke cin sabulu

Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam. Waɗannan suna kama kan ƙwayar sabulu su mai da ita wani farin gudaji da ba ya narkewa, wanda ke taruwa a bakin bokiti, ya sa farar tufa ta dushe ta yi tauri. Kowane giram ɗaya na wannan sinadari, idan aka auna shi a matsayin alli, yana cinye kusan giram 6 na sabulu. Ruwan da ke da miligiram 200 a kowace lita yana da giram 4 a jarka mai lita 20, ke nan kusan giram 25 na sabulu zai tafi kafin a fara wanke komai.

Gwajin ba wuya: a zuba ruwan sama a wata kwalba, na rijiya a wata, a sa sabulu daidai wa daida, a girgiza. Wadda ta yi kumfa kaɗan da gurɓataccen ruwa ita ce mai matsalar. Sodar wanki tana kwantar da kalsiyam idan aka zuba ta kafin sabulu, kuma kusan giram 4 zuwa 5 ya ishi jarkar da aka ambata. Jiƙaƙƙiyar kanwa ko tataccen ruwan toka suna yin kusan irin wannan aiki, sai dai idan suka yi yawa suna cin hannu, suna kuma baƙanta tukunyar alminiyam. Tsami ma yana kashe sabulu: ruwan tsamiya ko lemon tsami yana mai da shi asid ɗin kitse mai yauƙi, don haka a fara ɗauraye kwanon da ya sha tsami.

Garin omo da sabulun ruwa, waɗanda asalinsu ke komawa Jamus a zamanin Yaƙin Duniya na Farko, kalsiyam ba ya kama su kamar yadda yake kama sabulu, kuma garin wanki yakan zo da nasa sinadarin tausasa ruwa a ciki.