Kiran 112 a Turai: abin da doka ta tilasta wa waya ta faɗa, da abin da sai baki

A ƙasashen Tarayyar Turai, wanda ya buga 112 ba muryarsa kaɗai ke isa cibiyar agajin gaggawa ba. Dokar sadarwa ta Tarayyar ta 2018, a sashe na 109, ta ce dole a isar wa cibiyar da bayanin inda mai kira yake ba tare da jinkiri ba, kuma kyauta. Bayanin iri biyu ne: wanda kamfanin layi ya sani, da wanda wayar kanta ta gano in tana iyawa.

Na kamfanin layi shi ne tsohon yayi. Kamfani ya san ƙarfen sabis ɗin da kiran ya bi, da ɓangaren da eriyar ke fuskanta. A tsakiyar gari, inda ƙarafan suke kusa da juna, wannan kan taƙaita neman zuwa 'yan ɗaruruwan mita. A ƙauye kuwa ƙarfe guda na iya ɗaukar kilomitoci, motar asibiti ta yi ta bulayi.

Shi ya sa aka koma kan wayar. Tun daga 17 ga Maris 2022, duk babbar wayar da za a sa a kasuwar Tarayyar sai ta iya gano inda take ta taurarin ɗan'adam, har da Galileo na Turai, da kuma ta Wi-Fi, ta kuma iya miƙa bayanin lokacin kiran gaggawa. Tsarin da ake amfani da shi sunansa AML, a Birtaniya aka fara shi a 2014. Da ka buga lambar, wayar za ta kunna na'urar gano wuri da kanta ko da ka kashe na'urar, ta lissafa, ta tura ɓoyayyen saƙon tes zuwa cibiyar cikin daƙiƙa ashirin ko makamancin haka. Kai ba ka taɓa komai ba.

Sai dai abin da ma'aikaciyar cibiya ke gani a taswira da'ira ce, ba ɗigo ba. A cikin saƙon akwai `rd`, faɗin da'irar daga tsakiya zuwa baki a mita, da `lc`, wato kashi nawa cikin ɗari wayar ta amince kana cikinta, da `pm`, hanyar da ta bi. In `pm` ya nuna `G`, tauraro ne. `W` na Wi-Fi ne. `C` kuwa yana nufin wayar ta kasa, ta koma dogaro da ƙarfen sabis. Gogaggiyar ma'aikaciya nan take fara dubawa, don ta san nauyin da za ta ɗora wa taswirar.

A ɗauka wata mata ce a birnin Hamburg na Jamus, mijinta ya yanke jiki ya faɗi a ɗaki. Rufin siminti ya tare tauraro, sai wayar ta yi aiki da Wi-Fi na maƙwabta, ta aiko da'ira mai mita 30. Wannan sakamako ne mai kyau, amma da'irar ta haɗiye gidajen bene biyu masu hawa shida-shida, kuma ba ta faɗi hawa ba. Saboda haka tambayar farko ita ce adireshi: titi, lambar gida, hawa na nawa. Sannan wane suna ne a jikin ƙararrawar ƙofa, don a Jamus galibi da suna ake gane ɗaki, ba da lamba ba. In matar ta ruɗe ta ambaci titin tsohon gidansu, ma'aikaciyar za ta ga bai dace da da'irar ba, ta sake tambaya: me kike gani ta taga, akwai tashar bas ko kanti? A babbar hanya ma haka ne. Da'ira ɗaya kan rufe hannun zuwa da na dawowa, don haka sai direba ya faɗi garin da ya nufa da lambar kilomita da ke kan ƙaramin allo a gefen titi. Kuskuren hannu na nufin motar agaji ta wuce har mahaɗa ta gaba kafin ta juyo.

Akwai inda tsarin ke tsayawa cik. Ƙaramar waya mai madannai ba ta da AML. Wayar da ba sim, ko da ƙasar ta yarda kiranta ya shiga, ba ta iya tura tes. Wanda ya fi shafar matafiyanmu shi ne layin gida: in ka sauka Turai da layin Najeriya ko Nijar, kiran 112 zai shiga cibiyar garin da kake, amma saƙon tes ta kamfaninka na gida yake bi, kuma sau da yawa ba ya isa. A irin wannan hali ma'aikaciyar ba ta da komai sai ƙarfen sabis da abin da ka faɗa, don haka ka riƙe adireshin masaukinka a rubuce, kada kuma ka kashe wayar sai ta sallame ka.