Sallar Juma'a ga ma'aikatan ofis da masana'anta

Sallar Juma'a raka'a biyu ce da ake yi cikin jam'i bayan huɗuba biyu, a madadin Azahar ta wannan rana. Farilla ce a kan kowane namiji baligi, mai hankali, ɗa ba bawa ba, mai lafiya, mazaunin gari. Ba ta wajaba a kan mace da matafiyi ba, amma idan suka halarta ta isar musu. A Najeriya da Nijar da Ghana ranar aiki ce, hutun mako kuwa Asabar da Lahadi ne, don haka ma'aikaci yana buƙatar sanin iyakar abin da shari'a ta ɗora masa kafin ya tunkari shugabansa da maganar fita.

Abin da aka hana da abin da ba a hana ba

Aya ta 9 a Suratul Jumu'a ta yi umarni da a tafi zuwa ambaton Allah a bar ciniki idan an yi kiran salla, aya ta 10 kuma ta ce idan an idar a watsu cikin ƙasa a nemi falalar Allah. Ke nan ba yinin ne aka hana aiki a cikinsa ba, ɗan tsakanin ne kawai. A mazhabar Malikiyya, wadda galibin Hausawa ke bi, hanin yana farawa daga kiran sallar da ake yi bayan liman ya zauna a kan mumbari, ya ƙare da sallama. Malaman mazhabar ma sun karhanta mutum ya bar aiki yinin Juma'a gaba ɗaya da nufin ibada ce. Sai dai wanda wurinsa ke da nisa, tafiya tana wajaba a kansa tun lokacin da zai iya riskar salla, ko da ba a yi kira ba tukuna. Nisan da aka ƙayyade shi ne mil uku daga masallaci, wato kilomita biyar da ɗoriya.

Lokaci

Lokacin Juma'a yana shiga da gushewar rana daga tsakiyar sama. A Kano hakan yana faruwa tsakanin misalin ƙarfe 12:10 a farkon Nuwamba da 12:40 a Fabrairu. Maiduguri tana riga Kano da kusan minti ashirin, Yamai kuwa tana biyo bayanta da kusan minti ashirin da biyar. Masallatai ba sa tayarwa lokaci guda: a gari ɗaya za a sami mai yi da ƙarfe ɗaya da rabi, wani biyu, wani biyu da rabi. Wannan bambanci shi ne babban abin da ma'aikata ke jingina da shi, domin yana ba da damar a raba mutane kashi biyu ba tare da an rufe wurin aiki ba.

Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 13, ta ba wanda ke aikin awa shida ko fiye a yini hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Dokar ba ta ambaci Juma'a da suna ba, kuma ba ta ce a wane lokaci hutun zai faɗo ba. Saboda haka abin da ake nema wurin manaja yawanci ba ƙarin hutu ba ne, a matsar da hutun rana ne ya dace da lokacin salla. Roƙon da aka gina a kan haka ya fi saurin karɓuwa, musamman idan aka rubuta shi a jadawalin aiki maimakon a riƙa neman izini kowane mako.

A ɗauki masana'antar robobi a unguwa irin Sharaɗa ko Bompai a Kano, inda injin ba ya tsayawa, kuma mutum takwas ke kula da layi ɗaya. Masallacin kusa yana fara huɗuba 1:30, a yi sallama wajen 2:00, tafiyar minti goma ce a ƙafa. Mutum huɗu za su yi alwala a famfon masana'anta, su cire kayan aikin da suka sha mai, su fita 1:15, su dawo 2:10. Sauran huɗun sai su miƙa aiki su nufi masallacin da ke tayarwa 2:30. Inda tsarin ke lalacewa shi ne dawowar kashin farko: gaisuwa a ƙofar masallaci, neman takalmi, tsayawa wurin mai abinci, da cunkoson titin da aka toshe da sahu. Minti goma sha biyar na makara ya isa ya sa kashi na biyu su rasa sallarsu, kuma wannan hakki ne a wuyan wanda ya yi jinkirin. Ma'aunin riska a fili yake: wanda ya sami ruku'un raka'a ta biyu tare da liman ya sami Juma'a, sai ya kawo raka'a ɗaya. Wanda ya iso bayan liman ya ɗago, Azahar raka'a huɗu zai yi.

Wuri

Tambayar da aka fi kawo wa malamai ita ce ko ma'aikata za su iya tayar da Juma'a a ɗakin sallar ofis. A Malikiyya ana sharɗanta masallaci ginanne a cikin gari ko kusa da shi, da liman mazauni, da mutum goma sha biyu ban da liman, 'yan garin, waɗanda za su kasance tun farkon huɗuba har sallama. Shafi'iyya da Hambaliyya suna neman arba'in, Hanafiyya kuwa uku ban da liman. Adadi ba shi ne ya fi wuya ba. Abin da ya fi kawo cikas shi ne ƙofa. Malikiyya sun yarda a bi liman daga harabar masallaci da titunan da ke haɗe da shi, amma ba daga gida ko shagon da ba a shiga sai da izini ba. Ɗakin da ke bayan katanga, wanda maigadi ba ya barin kowa ya shiga sai mai katin shaida, ya fi kama da wannan na biyun. Shi ya sa ma'aikatun da suka gina masallacin Juma'a kan yi masa ƙofa ta waje, a buɗe wa jama'ar unguwa. Inda hakan bai samu ba, fita zuwa masallacin gari ya fi kuɓutarwa. Haka ma sansanin masu aikin hanya ko haƙar ma'adinai a daji: mazaunansa ba 'yan gari ba ne, Juma'a ba ta ƙulluwa da su kaɗai, Azahar ce a kansu idan sun yi nisa da gari.

Wanda ba zai iya barin wurinsa ba

Shari'a ta karɓi uzurin rashin lafiya, da jinyar wanda ba shi da mai kula, da ruwan sama mai ƙarfi, da tsoron halakar rai ko dukiya. A kan wannan ne malamai suka yi sassauci ga likitan da ke tiyata, da maigadin da babu mai canjinsa, da mai kula da tukunyar tururi wadda barin ta zai iya jawo fashewa. Irin waɗannan Azahar za su yi. Tarin takardu a tebur ko taron da za a iya ɗagawa ba su shiga wannan babi ba. Hadisi ya yi gargaɗin cewa wanda ya bar Juma'a uku don sakaci Allah zai rufe zuciyarsa, kuma ko da yake mai uzuri ba ya cikin wannan, bai dace a bar mutum ɗaya yana tsaron wuri kowane mako ba. A wurare da yawa ana yin karɓa-karɓa, ko kuma abokin aiki Kirista ya riƙe wurin ranar Juma'a, a rama masa ranar Lahadi idan aikin ya faɗo a kansa.