Waiwaye: Daga zauren BEAC a Yawunde zuwa aljihun ɗan kasuwar Marwa

Sau huɗu a shekara kwamitin tsara harkar kuɗi na BEAC, babban bankin ƙasashen sefa na tsakiyar Afirka, yake zama, ya fito ya faɗi lamba ɗaya da ake kira TIAO, wato kuɗin ruwan da yake cajin bankuna. Rediyo ya karanta, mutane a Garwa da Marwa da Njamena su ji, kowa ya ci gaba da sabgarsa. Na daɗe ina ganin ya kamata mu san abin da lambar nan take taɓawa da abin da ba ta taɓawa, domin da yawa daga cikinmu muna ɗora mata laifin da ba nata ba, muna kuma yafe mata wanda yake nata.

BEAC shi ne babban bankin ƙasashe shida masu amfani da sefa ta tsakiyar Afirka: Kamaru, Chadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. An kafa shi a 1972, hedikwatarsa ta koma Yawunde a 1977. A shekarun farko babu zancen kasuwa ta yanke kuɗin ruwa. Babban banki ne yake ƙayyade nawa za a ba da bashi, ga wane fanni, a kan wane ruwa, har da sassauci na musamman ga fannonin da gwamnatoci suka fifita. Da tattalin arziki ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1980, bankuna da dama suka rushe da basussukan da ba su dawo ba. Wannan ya sa aka kafa hukumar sa ido kan bankuna, COBAC, a 1990, aka fara sakin tsohon tsarin. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da dattawan kasuwa ba su manta ba har yau, kuma a shekarar ce aka buɗe kasuwar da bankuna ke neman kuɗi na ɗan gajeren lokaci. TIAO shi ne ruwan da BEAC yake cajin bankin da ya zo ya karɓi kuɗi na mako guda, ya ajiye takardun bashi a matsayin jingina.

Akwai igiya a ƙafar BEAC wadda babban bankin Najeriya ba shi da irinta. Tun 1999 an ɗaure sefa da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. Don ɗaurin ya riƙe, dole a samu isassun kuɗin waje a ajiye. Idan bashi ya yi araha ƙwarai, mutane suka ranta suka sayo kaya daga waje, ajiyar nan ce take zubewa. Haka aka gani bayan faɗuwar farashin man fetur a 2014: ajiya ta yi ƙasa har shugabannin ƙasashen suka taru a Yawunde a Disambar 2016 suka ce ba za a sake karya sefa ba, sai dai a tsuke bakin aljihu. TIAO ya tashi daga kashi 2.45 cikin 100 zuwa 2.95 a Maris na 2017, sannan 3.50 a Oktobar 2018, a zamanin gwamna Abbas Mahamat Tolli, ɗan Chadi. Annobar korona ta sa aka sauke shi zuwa 3.25 a 2020. Da tsadar kaya ta taso, ta wuce kashi 3 da ƙasashen suka amince kada a haura, sai aka riƙa ɗaga shi mataki-mataki har ya kai 5 a Maris na 2023. A Maris na 2025 aka rage shi zuwa 4.50.

To, mu ɗauki misali. A ce wani mai fataucin albasa a Marwa yana son rancen sefa miliyan 5 na wata shida, ya sayi kaya lokacin da suke da araha, ya adana, ya tura Duwala idan sun yi tsada. Tashin TIAO daga 3.25 zuwa 5, ƙarin maki 1.75 ke nan. Ko da bankinsa ya ɗora masa ƙarin nan gaba ɗaya, a kan miliyan 5 na rabin shekara abin da zai ƙaru sefa 43,750 ne, ƙasa da jaka 44. Kuɗi ne, amma ba shi zai hana fatauci ba. Abin da ke cin ribarsa yana wani wurin: kuɗin buɗe fayil, inshorar bashi, kuɗin rajistar jingina, haraji, da kason da banki yake ƙarawa saboda tsoron kada albasa ta ruɓe ko mota ta kwana a hanya. Idan kuma ba shi da takardar fili da banki zai karɓa, sai ya nufi ƙananan cibiyoyin ba da rance. A ce sun ce masa kashi 2 a wata a kan uwar kuɗin: jaka 100 kowane wata, jaka 600 a wata shida. In kuwa yana biya kashi-kashi amma ruwan bai ragu tare da ragowar bashin ba, ainihin tsadar ta fi abin da aka faɗa masa nesa ba kusa ba. Shi ya sa lambar da ya kamata ya nema a takardar yarjejeniya ita ce TEG, wadda ta haɗa ruwa da sauran caje-cajen dole a lissafin shekara. Tun 2008 aka cire tsohuwar iyakar da BEAC yake sanya wa ruwan bashi, don haka kwatanta TEG na wurare biyu ko uku ya fi sauraron sanarwar rediyo amfani gare shi.

Me ya sa ƙarin TIAO bai cika isowa ga mai rance kai tsaye ba? Manyan bankunan yankin da yawa suna zaune a kan kuɗin ajiyar jama'a da na kamfanoni fiye da abin da suke bayarwa rance. Wanda randarsa ke cike ba ya damuwa da farashin ruwan ga-ruwa. Bankin da ba ya zuwa BEAC neman kuɗi, tashin TIAO ba ya taɓa shi nan take.

Inda abin yake cizo shi ne ta wajen gwamnati. Tun da aka rufe ƙofar rancen kai tsaye daga BEAC a 2017, baitulmalin Kamaru da na Chadi suna sayar wa bankuna takardun bashi. Idan kuɗi ya yi tsada, ruwan takardun nan yakan hau, sai banki ya ga ya fi masa sauƙi ya ba gwamnati da ya bi mai albasa zuwa rumbunsa. Ɗan kasuwa ba zai ga ruwa ya ƙaru sosai ba. Abin da zai gani shi ne fayil ɗinsa ya yi wata biyu ba amsa, ko ya nemi miliyan 5 a ba shi 3, ko a ƙara masa sharaɗin jingina. Kafin kuɗin su fito, albasa ta riga ta tashi.

Ɓangaren masu ajiya ne ya fi ba ni takaici. Akwai mafi ƙarancin ruwan da aka wajabta a biya a kan asusun ajiya, kashi 2.45 a shekara, kuma bai bi TIAO ya hau ba a shekarun da aka yi ta ɗagawa. Matar da ta ajiye miliyan ɗaya ta samu sefa 24,500 a 2023, shekarar da tsadar kaya a Kamaru ta haura kashi 7. Ƙarfin sayen kuɗinta ya ragu da kusan jaka 70, aka mayar mata da jaka 24 da rabi. Mai manyan kuɗi yana iya zama da manaja ya yi cinikin ajiyar wa'adi a kan ruwa mafi tsoka, ita kuwa ba ta da wannan bakin. Da yawa daga cikin mutanenmu ma ba sa karɓar ruwan saboda gudun riba, asarar tsadar kuwa tana hawa kansu cikakkiya. Idan ka ga uwargida ta fi son adashi, ko ta sayi tumaki da buhunan gero ta ajiye, ta yi lissafinta ne, kuma a shekara irin 2023 lissafin nata ya fi na littafin banki.