Awa nawa hawan dutsen nan zai cinye mana?

"Malam, mu 'yan Sakkwato ne za mu je yawon dutse wajen Jos, wayata ta nuna min zanen tudu da gangare na hanyar, kilomita 10 ne. Na ce wa abokaina awa biyu mun gama, haka ne?"

A'a ɗan'uwa, awa biyun nan lissafin fili ne, irin ƙasarmu ta nan da za ka yi ta tafiya ba ka haɗu da tudun kirki ba. Akwai ƙa'idar da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotlan, William Naismith, ya fitar a 1892 kuma har yau da ita ake aiki: kowane kilomita 5 ka ba shi awa ɗaya, sannan kowane mita 600 na hawa ka ƙara wata awa ɗaya. In ka farfasa shi, minti 12 ne a kilomita, minti 10 kuma a duk mita 100 da ka hau sama. Wannan biyun kaɗai ka haddace.

"To hawan ya zan ƙirga shi? Tsayin inda muka fara zan cire daga na ƙololuwa?"

Nan ne mutane ke faɗawa rami wallahi. Duk wurin da layin zanen ya yi sama sai ka ƙirga shi daban ka tara, don ƙafarka ba ruwanta da cewa ɗazu ka hau wannan tsayin ka sauko. Bari mu ɗauka zanenka haka yake: kun tashi daga mita 1,200, kun hau zuwa 1,650 cikin kilomita 4, kun gangara kwari zuwa 1,500 cikin kilomita 1, kun sake hawa zuwa 1,800 cikin kilomita 3, sai saukowa ta ƙarshe zuwa 1,200 cikin kilomita 2. Mai gaggawa zai ce hawan mita 600 ne, alhali 450 da 300 ne, wato 750. Tsawon hanya awa 2, hawa minti 75, kun tashi da awa 3 da kwata tun ba a taɓa maganar gangara ba.

"Ai gangara sauƙi ce, ba ragewa za a yi ba?"

Wata gangarar ce mai sauƙi. Naismith bai saka ta a lissafi ba, Eric Langmuir ne daga baya ya kawo gyara: gangara mai laushi, tsakanin digiri 5 zuwa 12, ka rage minti 10 a duk mita 300 da ka sauka, wadda ta wuce digiri 12 kuma ƙara minti 10 ɗin za ka yi, saboda a nan birki kake takawa da gwiwa, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin takalmi, wani wurin ma sai ka dafa dutse da hannu kafin ka sauke ƙafa.

Kar digiri ya ruɗa ka. Duba mita nawa aka sauka cikin kilomita ɗaya. In tsakanin 90 da 210 ne mai laushi ce, in ya haura 210 mai tsanani ce. Gangarar kwarin can 150 ce a kilomita, sai a rage minti 5. Ta ƙarshe 600 cikin kilomita 2, wato 300 a kowane, a ƙara minti 20. Jimla awa 3 da rabi.

"Ke nan in mun tashi ƙarfe 7 mun dawo 10 da rabi?"

In ba ku tsaya ba ko sau ɗaya, kuma kowa cikinku ya saba, ba kaya mai nauyi a baya. Ƙa'idar ba ta san hutu ba, ba ta san cin abinci ko salla ko ɗaukar hoto ba, ni dai ina ƙara minti 10 a kowace awa sannan in ware na abinci daban. Kuma tawaga da saurin wanda ya fi kowa nawa take tafiya, shi za ka yi wa lissafi. Zanen ma ba ya nuna ko hanyar shimfiɗaɗɗiya ce ko manyan duwatsu da ciyawa har ƙugu, in hakan ne ka sauke saurin zuwa kilomita 4 a awa, minti 15 ke nan a kilomita. Rana kuwa kun san ta, mu da muke shan zafin Afrilu sama da digiri 40, ko a Jos mai sanyi hawa da tsakar rana yana cin ƙarfi da ruwa.

Abin da na fi so ku yi shi ne ku gwada lissafin a hanya. Tudun farko, kilomita 4 da hawan mita 450, ya kamata ya ci minti 48 da 45, wato 93. Da kun kai samansa ka kalli agogo. In awa 2 cif kuka ci, to kuna ƙara kusan kashi 30 cikin 100 a kan ƙa'ida, dukan tafiyar za ta kai awa 4 da rabi ban da hutu, kuma tun da gajiya gaba take ƙaruwa tana iya wuce haka. A nan saman za ku zauna ku duba ruwan da ya rage a gorunanku ku yanke ko a ci gaba ko a juya, tun ba ku gangara kwarin ba.